Fawa-banki mai 10,000 mAh da waya mai 5,000 mAh: dalilin da ba ta cika sau biyu

Akwai ƙorafin da masu sayar da kayan waya suka saba ji, daga kasuwar Farm Centre ta Kano har zuwa ƙananan shagunan caji na bakin tasha. Mutum ya sayi fawa-banki da aka rubuta wa 10,000 mAh, wayarsa kuma batirinta 5,000 mAh ne. Ya yi lissafi a ransa cewa zai cika wayar sau biyu cif. Ya cika ta sau ɗaya lafiya, a karo na biyu tana kaiwa wajen kashi 30 sai fitilun fawa-bankin suka mutu. Ya dawo shago yana cewa an sayar masa da jabu.

Wani lokacin gaskiyarsa ce, don jabun kaya sun yi yawa. Amma a lamarin da za mu bi a nan, kayan na asali ne, sabo ne fil, batiran cikinsa kuma sun cika adadin da aka rubuta. Duk da haka abin da ya samu, wato cika ɗaya da kusan sulusi, shi ne abin da ya kamata ya samu. Matsalar tana cikin abin da lambar 10,000 take nufi, da kuma hanyar da wutar take bi kafin ta zauna a batirin waya.

Idan aka buɗe irin wannan fawa-banki, abu biyu za a gani. Na farko batiran litiyam, galibi guda biyu masu 5,000 mAh kowanne, ko dai masu faɗi kamar ƙaramin littafi a cikin leda mai ƙyalli, ko zagayayyu masu lamba 21700. An haɗa su kai da kai, gindi da gindi, don haka adadinsu ke taruwa ya zama 10,000, ƙarfin turinsu kuma ya tsaya kamar na ƙwaya ɗaya. Na biyu ɗan fanel ne mai ayisi, wato ƙaramar na'urar da ke sarrafa wutar, da koyil da ramukan USB. Lambar da ke jikin kwali ta batiran ce kaɗai. Ba ta ce komai ba game da abin da zai fito ta fanel.

Ita mAh ba ma'aunin makamashi ba ce. Tana ƙidaya yawan cajin da ya gudana ne kawai, wato amfiya nawa na tsawon awa nawa, ba tare da ta faɗi da wane ƙarfi aka turo shi ba. Wannan ƙarfin turi shi ne bolt. Batirin litiyam idan ya cika yana kan bolt 4.2, yana sauka sannu a hankali har zuwa wajen bolt 3.0 inda fanel zai yanke shi, matsakaicinsa kuma 3.7 ne, wasu masana'antu su rubuta 3.6. Makamashin gaske sai an ninka biyun ake samunsa, kuma ana rubuta shi da Wh:

```
10,000 mAh × 3.7 V ÷ 1,000 = 37 Wh
```

Wannan 37 Wh ita ce dukiyar da ke cikin akwatin. Duk wanda ya juya fawa-banki na kirki ya duba ƙananan rubutun bayansa zai gan ta, sau da yawa a jere kamar haka: 10000mAh 3.7V 37Wh. Mutane ba sa kula ta saboda an rubuta ta ƙanana, babbar lambar kuma ta cika gaban kwali.

To amma ramin USB ba ya fitar da bolt 3.7. Tun da aka fito da tsarin USB a 1996, bolt 5 ne ma'auninsa na asali, kuma waya ba za ta karɓi caji ba idan abin da ya zo mata ya yi ƙasa da haka sosai. Dole fanel ya ɗaga 3.7 zuwa 5. Ba a samun ƙarin bolt kyauta. Abin da aka ƙara a bolt sai an rage shi a mAh. Ko da fanel ɗin ba ya asarar komai, wanda babu irinsa a duniya, ga abin da zai fito:

```
37 Wh ÷ 5 V × 1,000 = 7,400 mAh
```

Kafin a yi maganar asara ko ɗaya, dubu goma ta koma dubu bakwai da ɗari huɗu. A nan mutane da yawa ke kuskure, har da wasu masu gyara, suna cewa an yi asarar 2,600 mAh. Ba a yi ba. Kamar mai fatauci ne da ya canja naira zuwa sefa a kan iyaka: adadin takardun ya canja, darajar kuɗin tana nan. Asarar gaske ita ce ladan da ɗan canji ya cire, kuma a tafiyar wuta daga fawa-banki zuwa waya canji biyu ake yi, ɗaya a ɗaga bolt, ɗaya a sake sauke shi, kowanne da nasa ladan.

Me ya sa masana'antu ke rubuta lambar a kan bolt ɗin batir? Dalili na farko na sana'a ne. Masu ƙera ƙwayoyin batir da mAh suke auna su, suke sayar da su, mai haɗa fawa-banki kuma sai ya tara adadin ƙwayoyin da ya saka ya buga. Na biyu, fawa-bankin yanzu ba bolt ɗaya yake fitarwa ba. Yana ba da 5, yana ba da 9 ko 12 ga waya mai saurin caji, manyan ma har 20 ga kwamfuta, kuma kowanne zai ba da mAh dabam daga batir ɗaya. Lambar batir ita ce ba ta canjawa. Na uku ba ya buƙatar dogon bayani: 10,000 ta fi 6,000 jan mai saye, kuma babu kamfanin da zai fara rubuta ƙaramar lamba alhali maƙwabcinsa a kan kanta yana rubuta babba. Ba ƙarya ba ce, amma a ganina rubutu ne da aka san zai sa mai saye ya yi lissafin da ba daidai ba, kuma Wh ce ta cancanci manyan haruffa.

Akwai ma inda al'adar ta fi haka nisa. Manyan fawa-banki masu cajin kwamfuta sukan jera ƙwayoyi huɗu masu 5,000 mAh kan wannan a gindin wancan, sai bolt ya taru ya kai wajen 14.8, mAh kuma ta tsaya a 5,000. Duk da haka 20,000 mAh ake rubutawa a kwali, kamar an haɗa su ɗaya hanyar. Makamashin ɗaya ne, 74 Wh, don haka babu cuta, amma ya nuna cewa lambar mAh ta zama al'adar kasuwa kawai. Inda abin ya shafi rai, ba a amfani da ita. Dokar jiragen sama da Wh take aiki: har 100 Wh mutum zai shiga da shi a jakar hannu, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, kuma ba a yarda a saka shi a kayan da ke shiga ƙasan jirgi ba. Shi ya sa ake yawan ganin 26,800 mAh ko 27,000 mAh a matsayin mafi girman fawa-bankin matafiya, don 27,000 sau 3.7 ya tsaya a 99.9 Wh.

Yanzu mu bi 37 Wh ɗin mataki-mataki. Alƙaluman da ke tafe na kaya ne masu matsakaicin inganci, ana caji a bolt 5 da amfiya 2, wato wat 10.

Ragin farko a cikin batiran kansu yake. Masana'anta tana auna 5,000 mAh ne da ɗan ja kaɗan, a ɗaki mai sanyin daidai, har ƙwayar ta sauka ƙasa sosai. A aiki kuwa ana jan su da ƙarfi, suna da tasu turjiyar a ciki wadda ke mayar da wani kaso zafi, fanel kuma yana yanke su da wuri don kada su lalace. Idan aka samu kashi 95 an yi kyau. Saura wajen 35 Wh.

Sai fanel. Yadda yake ɗaga bolt shi ne ayisi ya riƙa kunna wuta yana kashewa ta cikin koyil sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, koyil ɗin yana tara makamashi yana sake shi da turin da ya fi na batir. Kowane kunnawa da kashewa yana cin ɗan abu, zaren tagullar koyil yana ɗumi, ayisi ma haka. Fanel na kirki yana wuce da kashi 85 zuwa 92 cikin ɗari. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yawan wutar da ake ja a ɓangaren batir. Don a fitar da wat 10, sai an ja wajen wat 11 daga batir, a bolt 3.7 kuwa wannan amfiya 3 ne, ba 2 ba. Idan batir ya sauka zuwa 3.2, ja ya kusa amfiya uku da rabi. Shi ya sa fawa-banki ya fi zafi idan cajin cikinsa ya kusa ƙarewa, shi ya sa kuma fitila ta ƙarshe takan mutu da sauri fiye da ta farko. Mu ɗauki kashi 90. Abin da ya iso bakin ramin USB ya zama 31.6 Wh, wato wajen 6,300 mAh a bolt 5.

Wannan lamba ita ce kamfanonin kirki ke rubutawa a baya da sunan Rated Capacity. A ƙasar Sin, inda ake ƙera mafi yawan waɗannan kaya, akwai ƙa'idar GB/T 35590 ta 2017 da ta shafi fawa-banki, kuma ita ce ta sa wannan layi ya zama ruwan dare. A kan na 10,000 mAh yawanci za a ga tsakanin 5,500 da 6,500 mAh, tare da bolt da amfiyar da aka yi gwajin da su. Alkawari ne na mafi ƙarancin abin da zai fito, don haka yakan ɗan yi ƙasa da abin da mita za ta nuna. Mai saye da ya ga 10,000 a gaba da 6,000 a baya kada ya ɗauka an kama kamfanin da ƙarya. Wanda bai rubuta layin ba ko kaɗan shi ne abin tuhuma.

Igiyar caji ita ce ta uku, kuma ita ce mai waya ke da iko a kanta. Igiya mai tsawon mita ɗaya, idan aka haɗa turjiyar zarenta zuwa da dawowa da ta bakunan biyu, tana iya kai om 0.15. A amfiya 2 wannan yana cinye bolt 0.3 daga cikin 5, kashi 6 ke nan. Saura 29.7 Wh. Siririyar igiyar da ake sayarwa da arha, ko wadda bakinta ya yi tsatsa ko ya cika da ƙura, tana iya ninka wannan turjiya sau biyu ko uku. Alamarta a fili take: bakin igiyar yana zafi a hannu, waya tana caji a hankali, wani lokaci tana yankewa tana dawowa. Idan bolt ɗin da ya isa waya ya faɗi ƙasa da wajen 4.5, ayisin cajin waya da kansa yake rage ja.

Cikin waya ake canji na biyu. Batirinta ba zai ɗauki bolt 5 kai tsaye ba, don haka ayisin caji yana sauke shi zuwa abin da batirin ke buƙata, shi ma ta koyil, shi ma da ladansa na wajen kashi 10. Saura 26.8 Wh. Zafin da ake ji a bayan waya lokacin caji, wani ɓangarensa daga nan yake.

A nan akwai abu biyu da lissafin mai saye bai sani ba. Na ɗaya, mAh ɗin waya ta fi ta fawa-banki nauyi. Batiran wayoyin yanzu matsakaicinsu wajen bolt 3.85 ne, suna cika a 4.4 ko sama kaɗan, don haka 5,000 mAh na waya 19.3 Wh ne, alhali 5,000 mAh na fawa-banki 18.5 Wh ne. Na biyu, ba a cusa caji cikin batir sai da turin da ya fi wanda yake bayarwa. A tsawon caji, matsakaicin bolt a bakin batirin yana wajen 4.1. Saboda haka cika wayar daga sifili yana cin:

```
5,000 mAh × 4.1 V ÷ 1,000 = 20.5 Wh
26.8 Wh ÷ 20.5 Wh = 1.3
```

Cika ɗaya da kashi 30. Daidai abin da mutumin ya gani, ba tare da wani ɓangare na kayan ya yi laifi ba. Daga 37 Wh, kusan kashi 72 ne suka isa bakin batirin waya, sauran sun tafi a wurare huɗu, yawancinsu a zafi, kowanne ɗan kaɗan. Wanda ke son lissafin kai ba tare da biro ba, ya ɗauki kashi biyu cikin uku na babbar lambar ya raba da batirin wayarsa. Na 20,000 zai cika waya mai 5,000 sau biyu da rabi da ɗan ɗori, ba sau huɗu ba.

Wannan fa idan wayar tana ajiye ne, fuskarta a kashe. Duk cajin yana ɗaukar kamar awa uku a wat 10. Mai POS ko ɗan acaɓa da ke amfani da wayar tana jone, fuska a kunne da haske sosai saboda rana, data a buɗe, yana iya cin wat ɗaya zuwa biyu ba tsayawa. Wat ɗaya na awa uku 3 Wh ne, kuma daga kason batir ake cire shi. Sai 1.3 ta koma ƙasa da 1.2. A wurin da sabis ke da rauni abin ya fi haka, don waya tana ƙara ƙarfin aikawa tana neman turken sabis. Wannan wutar ba asara ba ce, aiki ta yi, amma ba za ta fito a lambar kashi da ke saman fuska ba.

Saurin caji yana da fuska biyu. A wat 18, wato bolt 9 da amfiya 2, igiya tana cin abin da take ci ɗazu amma daga cikin wat 18, don haka kasonta ya ragu zuwa wajen kashi 3. A ɓangaren batiran fawa-banki kuwa ja ya tashi daga amfiya 3 zuwa kusan biyar da rabi, kuma zafin da turjiya ke haifarwa ba ninki ɗaya yake bi ba: idan ja ya ninka biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa. Fanel ma ɗaga 3.7 zuwa 9 ya fi masa wuya. A fawa-banki mai batira a haɗe kai da kai, yawanci sakamakon shi ne a samu ɗan ƙasa da abin da za a samu a caji na hankali. Idan ba sauri ake yi ba, kamar da dare da aka ɗauke wuta, cajin bolt 5 ya fi riba. Cajin da ba igiya, na manna waya a bayan fawa-banki, ya fi duka asara, kuma ɗumin da ake ji tsakaninsu shi ne shaida.

To yaya za a bambance wannan ragi na halal da jabu ko tsufa? Hanya mafi tabbas ita ce 'yar mitar USB, wadda ake sakawa tsakanin fawa-banki da igiya. A cika fawa-bankin har fitilu su daina ƙiftawa, a mayar da lissafin mitar sifili, a jona waya, idan ta cika a jona wata, har ya mutu da kansa. Sannan a karanta Wh, kada a karanta mAh. Wannan gargaɗi yana da muhimmanci, domin mita tana ƙidaya mAh a kan bolt ɗin da ke wucewa ta cikinta. Idan wayar ta nemi bolt 9, lafiyayyen fawa-banki mai ba da 31 Wh zai nuna wajen 3,400 mAh kawai, mai gwaji ya ɗauka kashi ɗaya cikin uku aka ba shi. Ga mai 37 Wh, sabo, 29 zuwa 33 Wh shi ne lafiya. Ƙasa da 25 a sabon kaya yana nuna batiran ba su kai abin da aka rubuta ba. Kuskure na biyu shi ne auna abin da ya shiga lokacin da ake cajin fawa-bankin. Wannan kullum yana fin 37, yakan wuce 40, saboda asarar shiga, kuma ba ya nuna abin da zai fito.

Wanda ba shi da mita zai iya yi da wayarsa. Ya bar ta ta sauka zuwa kashi 20, ya kashe data, ya ajiye ta, ya caja zuwa 80, ya rubuta 60. Ya maimaita a kwanaki biyu ba tare da ya ƙara wa fawa-bankin caji ba, yana tara lambobin har ya mutu. Da waya mai 5,000 mAh da fawa-banki mai 10,000, jimillar 120 zuwa 140 daidai ce. Idan ta tsaya a 60 ko 70, rabin abin da aka rubuta ne a ciki. Sai dai a lura, tsohuwar waya tana ruɗar da wannan gwaji ta ɗaya ɓangaren. Batirin da ya tsufa ya koma 3,500 mAh zai yi saurin cika, jimillar ta kai 180, mutum ya yi ta yabon fawa-bankin alhali batirin wayarsa ne ya ƙanƙance.

Nauyi ma yana magana. Ƙwayar 18650, wadda faɗinta milimita 18 ne tsawonta 65, mai kyawunta yawanci tana wajen 3,500 mAh, nauyinta kuma giram 45 zuwa 50. Ƙwayar 21700 mai 5,000 mAh tana wajen giram 70. Saboda haka 10,000 mAh na gaske da akwatinsa yana kai giram 180 zuwa 250, na 20,000 kuma kusan ninki biyu. Abin da ke shiga aljihun gaba, mara nauyi, aka rubuta masa 50,000 mAh, ba sai an gwada shi ba. Nauyin kaɗai dai ba hujja ba ce ta inganci, don an sha buɗe jabu a tarar da ƙwaya ɗaya ce ke jone, sauran cike suke da yashi.

Idan kuma kayan ya fara da 130 sannan bayan shekara ya koma 100, wannan tsufa ne. Batirin litiyam yakan sauka zuwa wajen kashi 80 na ƙarfinsa bayan cika da ƙarewa sau 300 zuwa 500, kuma zafi yana gaggauta hakan, musamman idan batirin a cike yake. A bazarar Sakkwato ko Maraɗi, inda inuwa ma kan wuce digiri 40, fawa-bankin da aka bari a gaban mota ko ƙarƙashin rumfar kwano yana tsufa kafin lokacinsa. Tsohon batir ba ƙarfinsa kaɗai ke raguwa ba, turjiyar cikinsa ma tana ƙaruwa, sai bolt ya riƙa faɗuwa da zarar an ja shi da ƙarfi. Alamar ita ce ya mutu yana nuna fitila biyu, a bar shi minti goma, ya sake tashi ya ba da kaɗan. Irin wannan zai fi ba da wuta a caji na hankali fiye da na sauri. Idan kuwa akwatin ya fara kumbura ko bakinsa ya fara buɗewa, iskar gas ce ta taru a cikin ledar batir, kuma a daina cajinsa daga wannan ranar.